Karen da ke magana: katun ɗin yara ne ko na manya?

"Jama'a, ku taya ni tuno sunan wani katun da na gani a faifan yayana shekarun baya. Akwai kare mai tafiya da ƙafa biyu yana magana, maigidan kuma ba shi da kan gado. Kamar na tuna karen riƙe da kofin gilashi. Yarana nake so in saka wa."

'Yar'uwa, katun biyu ne suka fi dacewa da wannan siffa, dukansu na Amurka, kuma a shekara ɗaya suka fara, 1999. Ɗaya Courage the Cowardly Dog na tashar Cartoon Network, ɗaya Family Guy na tashar Fox. Na farko na yara ne, na biyu kuwa ko kusa kada ki saka musu.

Ki fara da tambayar kanki: mece ce damuwar mutanen cikin labarin? Courage ƙaramin kare ne mai launin hoda, yana zaune da tsohuwa Muriel da mijinta Eustace, wani masifaffen tsoho, a gidan gona can tsakiyar fili. Damuwarsa guda ce kullum: wani dodo ko fatalwa ya zo, shi kuma dole ya ceci tsohuwar duk da jikinsa na rawa. Yaro ɗan shekara bakwai ya gane wannan ba sai an yi masa bayani ba. Brian na Family Guy kuwa farin kare ne mai jan abin wuya, yana tuƙa mota, yana neman mata, yana fama da rubuta littafi, yana gardamar siyasa da addini. Maigidansa Peter yana da mata da 'ya'ya uku, rabin rayuwarsa a mashaya da abokai. Duk katun ɗin da kika tuna ana rigimar aure, wurin aiki, bashi ko giya a cikinsa, to don manya aka yi shi. Kofin nan da kika tuna ne ya sa na fi karkata ga Family Guy, domin an san Brian da riƙe kofin giya. In har akwai wani jariri mai faffaɗan kai yana magana kamar babban mutum, Stewie ke nan, magana ta ƙare.

Sai yadda aka tsara kashi. Courage yakan kawo gajerun labarai biyu a kashi ɗaya, kowanne kamar minti 11, da sunansa a rubuce a farko, kuma katun ɗin yara da yawa na wancan zamani haka suke. Family Guy labari ɗaya yake ja kusan minti 22, surutu ya fi guje-guje yawa. Yana da wata ɗabi'a da ba a mantawa: ana cikin hira sai wani ya ce abin ya tuna masa da lokaci kaza, nan take a yanke a nuna wani abin dariya dabam da bai shafi labarin ba, sannan a dawo. In kin tuna manya na ƙyaƙyata dariya ke kuma ba ki ga abin dariyar ba, wannan ma alama ce.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne zanen da kuma tsoro. Courage yana da ban tsoro sosai, har wasu suna zaton na manya ne, alhali babu batsa a cikinsa. South Park kuma, da ya fara a 1997, jarumansa yara ne 'yan firamare, zanensa kamar an yanka takarda an manna, amma bakinsu ba ya sauraruwa a gaban iyali. Ganin yara ko dabbobi a katun ba hujja ba ne. Faifan ma ba ya raba gardama, tunda masu tura finafinai a waya da masu haɗa faifai sukan zuba duk wani zane mai motsi wuri guda su ce katun ne.

Da zarar kin samu suna, ki duba alamar shekaru da ake sa wa shirye-shiryen talabijin a Amurka tun 1997. TV-Y da TV-Y7 na yara ne, Courage yana TV-Y7. TV-14 na 'yan shekara 14 zuwa sama ne, nan akasarin Family Guy yake, TV-MA kuma na manya zalla, irin su South Park. Wajen nema, ki rubuta da Turanci `animated sitcom talking dog` in kina zargin na manya ne, ko `kids cartoon talking dog`, sai ki duba hotuna. Launin karen zai faɗa miki sauran. In ya fito mai launin hoda ne, ki fara kallon kashi ɗaya ke kaɗai kafin ki kira ƙananan, don wasu dodannin na iya hana ɗan shekara huɗu barci.