Zinari ko azurfa: abin da tazarar farashinsu take faɗa wa mai saye

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan kuɗin da nake son mayarwa ƙarfe in ajiye. Wani ya ce mini kafin in zaɓi zinari ko azurfa in duba tazarar farashinsu tukuna. Mece ce wannan tazara, kuma yaya ake karanta ta?"

Wa alaikumus salam, Malam. Lissafin bai da wuya: ka ɗauki farashin oza ɗaya ta zinari ka raba da farashin oza ɗaya ta azurfa. Ozar da ake auna waɗannan ƙarafa da ita giram 31.1 ce. A manhajojin duba farashi za ka ga zinari da sunan XAUUSD, azurfa kuma XAGUSD. In zinari dala 2,400 ne, azurfa dala 30, tazarar 80 ke nan, wato sai ka tara oza 80 ta azurfa kafin ta kai darajar oza ɗaya ta zinari. Amfaninta gare mu shi ne hawa da saukar naira ba sa taɓa ta, tunda ƙarfe ake aunawa da ƙarfe.

Mu da muke fitar da zakka mun daɗe da sanin wannan lissafi. Nisabin zinari dinari 20 ne, kimanin giram 85, na azurfa kuma dirhami 200, kimanin giram 595. Raba 595 da 85, za ka sami 7. A farkon Musulunci nisaban biyu kusan daidai suke a daraja, yau kuwa na zinari ya ninka na azurfa sau da yawa. Amurka ma a 1792 da doka ta tsayar da tazarar a 15. Tun da ƙasashe suka daina buga kuɗinsu da azurfa, ba wata doka da take riƙe da ita, kasuwa ce kawai.

Abin da yake motsa ta shi ne masu sayen ƙarafan biyu sun bambanta. Zinari kayan ajiya ne da ado, kuma manyan bankunan ƙasashe suna tara shi. A 2022 da 2023 sun sayi sama da tan dubu kowace shekara. In duniya ta shiga tsoro, wurinsa ake gudu. Azurfa kuwa sama da rabin wadda ake saye masana'antu ne suke cinye ta, a farantan sola da kayan lantarki, don haka in masana'antu suka tsaya ita ma sai ta durƙusa. Kasuwarta ƙarama ce, kuɗi kaɗan suna iya girgiza ta, shi ya sa in an tashi hawa takan wuce zinari gudu, in an tashi faɗuwa ta fi shi jin jiki. Tazara mai girma tana nufin azurfa ta yi araha in aka gwada ta da zinari, kuma galibi lokacin fargaba ne. Ƙarama tana nufin azurfa ta yi tsada, kamar Janairun 1980 da ta sauko wajen 17 lokacin da 'yan gidan Hunt na Amurka suka kwashe azurfa a kasuwa, ko Afrilun 2011 da ta kai wajen 32.

'Yan kasuwa da yawa suna aiki da iyaka biyu: in ta haura 80 su juya zuwa azurfa, in ta sauko wajen 50 ko 60 su koma zinari. Ribarsu a yawan giram ɗin da ke hannunsu suke ƙirga ta.

Duba abin da ya faru a 2020. A watan Maris, da korona ta rufe duniya, azurfa ta faɗo wajen dala 12, zinari yana kusan 1,500, tazarar ta haura 120. Mai oza ɗaya ta zinari da ya canza ta a ranar, a lissafin takarda ya karɓi oza 120 ta azurfa. Zuwa Agusta azurfa ta kusa dala 29, zinari ya wuce 2,000, tazarar ta dawo wajen 70. In ya mayar, 120 a raba da 70 ya ba shi oza 1.7 ta zinari, bai ƙara ko sisi daga aljihunsa ba.

To amma ga wanda ba a cika ba da labarinsa ba. Tazarar ta riga ta haura 80 tun 2018. Wanda ya bi ƙa'ida ya canza a lokacin ya karɓi oza 80, sai ta ci gaba da hawa, ta wuce 90 a 2019. A Maris 2020 azurfar tasa ba ta kai kashi biyu cikin uku na zinarin da ya bayar ba. In rashin lafiya ko kuɗin makaranta suka tilasta masa sayarwa a wannan wata, ya tafka asara. Lamba 80 al'ada ce kawai ta 'yan kasuwa, kuma tazarar tana iya zama a sama shekara da shekaru.

Sannan ba ta gaya maka ko farashi zai hau. Daga 2011 zuwa ƙarshen 2015 zinari ya sauko daga wajen dala 1,900 zuwa 1,050, azurfa daga kusan 49 zuwa 14. Tazarar ta tashi zuwa wajen 75. Mai zinari ya fi mai azurfa sauƙin ciwo, amma dukansu sun yi asara.

Wurin da nake son ka fi natsuwa shi ne shago, domin farashin da ke waya na ƙarfe tsantsa ne. Sarƙar gwal mai karat 21 kashi 87.5 cikin ɗari ne zinarinta, mai karat 18 kashi 75, azurfa mai hatimin 925 kuma kashi 92.5. A kan haka akwai kuɗin ƙira, wanda ba ya dawo maka ranar sayarwa, kuma a azurfa yakan cinye babban kaso na farashin tunda ƙarfen kansa mai araha ne. Mu ƙaddara, a matsayin misali, kowane canji yana cin kashi 10 cikin ɗari. Daga 120 zuwa 70 za ka tashi da oza 1.39 maimakon 1.7, har yanzu da riba. Daga 80 zuwa 70 kuwa, takarda ta ce 1.14, hannunka ya tashi da 0.93. Ka karanta kasuwa daidai, amma zinarinka ya ragu. Ka tuna da nauyi ma: oza ɗaya ta zinari tana shiga cikin tafin hannu, oza 120 ta azurfa kilo 3.7 ce, tana son wurin ajiya, tana kuma yin baƙi in ta sha iska. A kasuwanninmu mai karɓar gwal ya ba ka kuɗi nan take ya fi mai karɓar azurfa kilo-kilo yawa nesa ba kusa ba.

A ganina, in kuɗin nan kana iya buƙatarsu cikin shekara ɗaya ko biyu, zinari ya fi maka, ko tazarar nawa ce. In rara ce da za ka iya mantawa da ita, tazarar kuma ta yi nisa sama da 80, ka iya sa wani kaso a azurfa, amma dunƙule ko sulalla, ban da kayan ado. Kafin ka biya, ka tambayi mai shagon nawa yake sayar da giram na kowanne, nawa kuma zai karɓa in ka dawo masa da shi gobe. Da waɗannan farashi huɗu za ka fitar da taka tazarar: kuɗin da zai ba ka a giram na zinari a raba da farashin da yake sayar da azurfa, ita ce ta shiga azurfa, farashin da yake sayar da zinari a raba da abin da zai biya ka a azurfa, ita ce ta komawa zinari.