Hotuna tara, ko sallama babu

Ranar Talata ina Yamai, ƙanena ya kira daga Tawa cewa mai sayen filinmu ba ya son takardar hannu, bugaggiya yake so kafin la'asar. Na ɗauki hotunan takardun a gurguje na tura ta Wasap wa shagon fotokofin nan na kusa da babbar kasuwar Tawa. Hotuna tara, ko sallama ban rubuta ba, sai caji ya ƙare.

Na riga na saddaƙar sai gobe. Da na kunna waya bayan azahar, sai ga muryar yarinyar shagon: "Baba, cinikin fili ne ko? Shafi huɗu na gani, da katin mutum biyu gaba da baya. Ɗaya hoton maimaici ne."

Wallahi na yi mamaki, don a hargitse suka isa. Rezo ya yi ta yankewa, shafin ƙarshe ya riga na farko shiga. Ta ce lambobin ba su taimaka mata ba. Suna irin IMG-20250114-WA0031 wayarta ce ta raɗa shi, yana nuna jerin saukar hoto, ba jerin ɗaukarsa ba, kuma Wasap na share lokacin ɗauka daga jikin hoton. Sai ta koma rubutun kansa. Mai bisimilla da kwanan wata shi ne farko, mai sa hannun shaidu shi ne ƙarshe. Na tsakiya biyun ta bi bakin zance: ɗaya ya ƙare da "iyaka daga gabas", ɗayan ya fara da "gidan", ta ɗinke su. Katunan kuwa shimfiɗa ce ta raba mata su, na mai saye a kan tabarma na ɗauka, namu a kan tebur. Wannan kaifin ido ko ni ban da shi.

To amma fa. Da ƙanena ya karɓo, lambar fili ta fito 138, alhali 133 ce. Hoton da aka tura a matsayin hoto matse shi ake yi, ƙananan lambobi su dushe, 3 ta koma kamar 8. Na yarda rabin laifin nawa ne. Sai dai wadda ta iya gane tabarma, me ya hana ta ce "Baba, karanta mini wannan lambar"? Lambar fili ai ba abin cinta ba ce. Kuma katunan ta buga su da kala ba a tambaye ni ba, jika guda ta tafi a banza.

Da na yi ƙorafi ta gyara ba ta karɓi ko dala ba, ta ce in sake turo shafin ta maɓallin "Document", a nan hoto na zuwa da sunansa da kyansa. Haka kuwa aka yi, 3 ta fito ƙarara. Zan koma wurinta, amma jikar nan har yanzu tana ci mini rai.