Saitin taɓa allo na Samsung a hannun Baba mai rawa: wanda ya yi aiki da wanda na kashe

Mahaifina dillalin albasa ne a Aliero, kuma rabin cinikinsa a waya yake yi. Hannunsa na dama yana rawa, likita yana duba shi, amma wayar ba ta jiran magani ya yi aiki. Samsung ce ƙarama cikin jerin Galaxy A. Tun kafin azumi na shiga saitinta na canza yadda take karɓar yatsa, kuma yanzu na ga abin da ya isa in yi magana a kai. Saitin yana aiki, ba a kuma biyan ko sisi, amma sai ka fara gane irin kuskuren da yatsan ke yi. Idan ka kunna komai gaba ɗaya, wayar za ta fi da wahalar sha'ani.

Gwajin da na yi ba shi da wuya. Na buɗe wurin buga lamba na ce, "Baba, ku danna mini lambata a hankali." A maimakon sifilin farko sai alamar + ta fito. Duk wanda ya riƙe 0 ya daɗe, + zai samu, don haka na gane yatsansa yana jinkirin tashi daga allo. A tsakiyar lambar kuma 3 ta fito sau biyu alhali sau ɗaya ya yi niyya: yatsan ya sauka, rawar ta ɗaga shi, ya sake sauka. Matsala biyu ke nan daban-daban, kowace da nata maganin.

Jinkirin tashi shi ne ya fi cutar da shi. Yana son buɗe WhatsApp sai hoton manhajar ya biyo yatsansa ya koma wani shafi, ko ya taɓa saƙon abokin ciniki sai saƙon ya zaɓu, ga alamar gogewa tana jira a sama. Dalili shi ne wayar tana ƙirga lokaci. Idan yatsa ya wuce kimanin rabin daƙiƙa a kan allo, ba ta ɗaukarsa taɓawa, tana ɗaukarsa riƙewa. Wurin gyaran yana Settings, sai Accessibility, sai Interaction and dexterity, sai Touch and hold delay. Short rabin daƙiƙa ne, Medium daƙiƙa 1, Long daƙiƙa 1.5, akwai kuma Custom inda mutum zai ɗora yatsa ya riƙe gwargwadon yadda yake so wayar ta jira.

Na sa Medium, kuma a ranar alamar + ta daina fitowa. Mun gwada Long saboda da sassafe, kafin ya karya, rawar ta fi tsanani. Bai ji daɗinsa ba. Idan yana son tura hoton buhuna ga mai saye a Onitsha dole ya riƙe saƙon, kuma daƙiƙa ɗaya da rabi tana da tsawo ga yatsan da ba ya tsayawa wuri guda. Kafin lokacin ya cika yatsan ya gusa, wayar ta ɗauka ja yake yi, shafin ya gangara. Ya ce mini, "Kai, wannan ai ta maida ni mai gadi." Muka koma Medium, a nan muke har yau. A ganina wannan saiti ɗaya ya kawar da mafi yawan damuwar, kuma shi ne wanda ake samu a sauran wayoyin Android ma, har da Tecno da Infinix da suka cika kasuwarmu, a ƙarƙashin Accessibility.

Wani abu da ya kamata a sani: allon rubutu na Gboard yana da nasa agogon. Ko ka sa Medium a wayar, idan yatsa ya daɗe a kan harafi, ƙaramin akwatin wasu alamomi zai ɓullo. Gyaransa yana cikin saitin Gboard ɗin, a Preferences, Key long press delay, inda za a ja shi daga 300ms, wato daƙiƙa 0.3, zuwa sama. Baba ba mai yawan rubutu ba ne, saƙon murya ya fi yi, amma na ƙara masa.

Taɓi biyu kuwa maganinsa Ignore repeated touches, kuma nan ne nake da ƙorafi. Aikinsa shi ne bayan taɓin farko wayar ta yi kunnen ƙashi na wani ɗan lokaci da ka zaɓa. Da rabin daƙiƙa, 3 ta daina ninkuwa. To amma wayar ba ta san taɓin kuskure da na ganganci ba. Ya sayi kati zai loda da *311* da lambobin katin, a cikinsu akwai 77 a jere. Ya danna su da sauri kamar yadda ya saba, ta karɓi ɗaya ta haɗiye ɗayar, aka ce masa lambar ba daidai ba ce. A kati wannan ɓacin rai ne kawai. A lambar sirri ta banki, inda ɗigo kawai kake gani kuma kuskure kaɗan ke sa a rufe maka, abin ya fi haka. Na rage shi zuwa daƙiƙa 0.2. Rawar yatsa tana dawowa da sauri fiye da yadda dattijo ke danna lamba ta biyu da niyya, don haka wannan ɗan tazarar ta kama yawancin ninkin ba tare da ta ci lambobinsa ba. Yawanci na ce, domin wata rana har yanzu yakan ninka.

Tap duration kuma na kashe shi. An yi shi ne don wanda yatsansa ke gogar allo ba da niyya ba, wato wayar ta ƙi amsa duk taɓin da bai kai wani tsawo ba. Baba ba ya da wannan matsalar, abin da kawai ya jawo shi ne wayar ta zama kamar mai jin barci, ya taɓa ta yi shiru, ya ƙara dannawa da ƙarfi, ƙarfin kuma ya ƙara rawar.

Abin da ya ba ni sha'awa a wata wayar shi ne Tap Assistance na iPhone, da na gwada masa a ta ƙanwata da ke Birnin Kebbi. Yana Settings, Accessibility, Touch, Touch Accommodations. Wannan na yatsan da ke zamewa ne. Idan aka zaɓi Use Initial Touch Location, inda yatsa ya fara sauka shi wayar ke ƙirgawa ko da ya zame kafin ya tashi. Use Final Touch Location kuma inda ya tashi take ƙirgawa, don mutum ya sauka kusa, ya gyara, sannan ya ɗaga. Na biyun ya fi dacewa da Baba, domin saukarsa ce ba ta da tabbas. Aibinsa shi ne jan shafi yana ƙara jinkiri, sai an ɗan dakata da yatsa kafin wayar ta yarda ja ake yi. Ban ga ya kai a sayi iPhone saboda shi ba.

Kafin kowa ya taɓa waɗannan saituna, ya fara duba gilashin kariya. Na Baba ya tsage a gefe, ƙura ta shiga ƙarƙashi, kuma da muka sauya shi wasu kurakuran da muke ɗora wa hannunsa suka ɓace. Haka idan wayar tana danna kanta ne kawai lokacin da take caji, cajar ce, ba yatsa ba. Lokacin hunturu kuma da fata ke bushewa har allo ya ƙi ji, akwai Touch sensitivity a ƙarƙashin Display. Shi ina kunna masa ne idan sanyi ya shigo, in kashe idan zafi ya dawo.