Wasiƙa daga Ingila: yadda ake biyan magini a nan, da abin da zai yi mana amfani a gida

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya, a gaida Inna da su Baffa. Na samu saƙonka cewa magini yana neman rabin kuɗin jinga kafin ya sa diga a filinmu na Ringim. Don Allah ka dakata tukuna.

A nan Ingila, inda nake aikin gini, mai gida yakan biya mafi yawan kuɗin aiki ne bayan ya gani da idonsa. Akwai takardun yarjejeniya da ake saya a cike, irin na JCT, ƙungiyar tsara takardun kwangilar gini da aka kafa tun 1931, har da na ƙananan ayyukan gida. A ciki ake raba aiki hawa-hawa, kowane hawa da kuɗinsa, sai an gama shi a biya. Harsashi kuwa jami'in duba gini yakan leƙa ramin kafin a zuba kankare. Mu ba mu da wannan jami'in a ƙauye, saboda haka kai ne shi: kada a rufe rami sai ka sa awo ka ga zurfinsa.

Amma ba komai nasu ne zai zauna mana ba. Maginin Ingila yana ɗaukar kaya bashi a shagon da ya saba da shi, ya biya daga baya. Namu ba shi da wannan jarin, leburorinsa kuma da yamma suke jiran kuɗinsu. To, siminti da rodi da bulo da kwano mu saya da kanmu. Kafin alƙalami a ba shi abin da zai sallami leburori na mako guda, a cire daga kuɗin hawan farko.

Mu ɗauka jingar ɗaki biyu da falo ta tsaya a naira miliyan 2, kuɗin hannu kawai. Harsashi 400,000, gini zuwa linta 600,000, rufi 500,000, filasta da daɓe da sa ƙofofi 500,000. A nan al'adar ita ce a riƙe kashi 5 cikin 100 na kowane biya. Ka ga a harsashi zai karɓi 380,000, a linta 570,000, sauran biyun 475,000 kowanne, mu kuma 100,000 ta taru a hannunmu. Su Turawa sukan saki rabin abin da aka riƙe ranar da aka miƙa aiki, sauran sai bayan wa'adin gyara, wata 3 ko 6 ko shekara, gwargwadon abin da aka rubuta. Ni a ganina kada mu saki ko sisi daga ciki, don 50,000 ba za ta dawo da magini daga wani aikin da ya kama a Dutse ba.

Wa'adin ma kada mu ƙirga shi da watanni. Su ruwa na sauka musu rani da damina, rufin da zai yi yoyo ba ya daɗewa bai tona kansa ba. Mu kuwa idan aka gama gini a Janairu aka ce wata 3, wa'adi zai cika kafin ɗigon ruwa ya taɓa kwanon. A rubuta cewa cikon kuɗi sai damina ta wuce, ƙarshen Oktoba. Ruwan Agusta shi zai nuna ƙusar da aka buga a kwarin kwano maimakon tudunsa, da bangon da ke jan danshi daga ƙasa.

Sai dai mu ma mu yi masa adalci. Siririn tsagin da ke fitowa a filasta idan ta bushe ba abin tayar da hankali ba ne, a shafe kawai. Wanda ya tashi daga kusurwar taga ya yi karkace, yana ƙara buɗewa har tsinken ashana ya shiga, wannan ka duba harsashi ko linta. Idan kuma mu muka sayo bulo mai yashi da yawa yana marmashewa a hannu, laifin ba nasa ba ne.

Inda aka fi ɓatawa shi ne canjin ra'ayi ana tsakar aiki. Na san Inna za ta zo ta ce tagar ɗakinta ta yi ƙanƙanta. Kafin a zuba linta, ƙara faɗinta ba wani abu ba ne. Bayan an zuba, sai an fasa, a sake ɗaura katako da rodi. A nan, magini mai hankali ba ya taɓa ƙarin aiki sai an rubuta abin da za a canza, kuɗinsa, da kwanakin da zai ƙara, kowa ya sa hannu. Haka idan an rage aiki, a rage kuɗi a rubuce. Kuma bakin mutum ɗaya magini zai riƙa ji, wato naka, ko ni na bugo waya in ce a canza wani abu ya turo ni wurinka.

Ku rubuta komai da Hausa a takarda biyu, Baffa da mai unguwa su yi shaida. Duk hawan da aka gama ka turo min hotonsa, ni kuma in turo kuɗinsa.