Fassarar waƙa: ta rerawa za ka saya ko ta fahimta?

A nan Garwa ta ƙasar Kamaru kunnenmu ya saba da waƙa cikin harsuna uku. A gida Hausa, a kasuwa Fulatanci, a makaranta Faransanci. Saboda haka ba wuya ka ji waƙar wani harshe ta kwanta maka a rai, ka ce kana son ta da Hausa. Idan ka je wurin mai fassara, kafin a yi maganar kuɗi ka san abin da za ka saya, domin kaya biyu ne daban ake kira da suna ɗaya. Akwai fassarar da ake karantawa don a san abin da mawaƙi ya faɗa, akwai kuma wadda ake ɗorawa a kan kiɗan asali a rera.

Na koyi wannan ne lokacin bikin ɗiyar gwaggona. Gwaggon tana da wata waƙar rakiyar amarya ta Fulatanci da maƙwabciyarta ta tsara, tana so 'yan matan unguwa su rera ta da Hausa saboda dangin ango. Ta ce mini, "Ɗana, kai ka san masu boko, nemo mini wanda zai juya ta." Na kai wa wani malami da ya iya harsunan biyu sosai, na ba shi baitocin a rubuce, ban ba shi sautin ba. Laifina ke nan na farko.

Abin da ya kawo aiki ne mai kyau. Baitin farko ya fito haka: "Ɗiyata za ta tafi gidan mijinta, ɗakin da ta bari ya yi mini faɗi." Bai bar ko kalma ɗaya ba, har ya yi bayani a gefe cewa uwar amarya ce ke magana. Amma ƙirga gaɓoɓin da yatsa, za ka sami 24. Muryar waƙar kuwa layi biyu ce, kowanne gaɓa 8, wato gurbi 16 kawai. Da 'yan matan suka gwada, sai suka riƙa tauna kalmomi suna haki, mai tafi ya kai ƙarshen layi su suna tsakiya. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Wannan ai karatu ne, ba waƙa ba." Gaskiyarta, kuma malamin bai yi kuskure ba. Ta fahimta na saya alhali ta rerawa nake bukata.

Fassarar fahimta ita ce ta dace idan za ka sa rubutu a ƙasan bidiyo, ko za ka yi bayanin waƙa a rediyo, ko kana nazari, ko kana son sanin abin da 'ya'yanka ke maimaitawa. Ta fi sauƙin kuɗi, ta fi saurin fita, kuma duk wanda ya ƙware a harsunan biyu zai iya yin ta. Gwada ta ba wuya: ka ba wani da bai san asalin ba ya mayar maka da ita harshen farko da baki, ka ji ko an dawo wuri ɗaya. Idan waƙar bege ce ko ta wa'azi, inda kalma ɗaya ke iya karkatar da ma'ana, ni ba na fara komai sai da irin wannan a hannu.

Ta rerawa ita ce mai cin rai, kuma a nan ne ake sayar wa mutane kayan da ba su ƙarasa ba. Daidaita yawan gaɓa mataki ne na farko kawai. A Hausa gaɓa tana da nauyi: akwai mai sauƙi kamar "gi" a cikin "gida", akwai mai nauyi kamar "da" ɗin ƙarshensa da ake ja, ko "bar" da baƙi ya rufe. A kan wannan bambancin aka gina karin rubutacciyar waƙar Hausa. Duk inda muryar waƙa ta ja sauti, dole gaɓa mai nauyi ta zauna a wurin, in ba haka ba kalmar ta zama wata.

Mun gani da idonmu. Na kai aikin wurin wani matashi da ke rera waƙa a situdiyo, wannan karon da sautin a waya. Ya mayar da layin farko "Ɗiyata za ta bar gida", gaɓa 8 cif, ya ƙare da sautin da ake iya ja. Layi na biyu ya fara gwada "Gari ya yi mana shiru". Shi ma 8 ne, a takarda ba ka ganin aibinsa. Sai dai muryar tana jan sautin farko na layin, don haka da aka rera, "gari" na mutane ya koma garin tuwo. Wata yarinya a cikin masu amshi ce ta fara ji, ta rufe baki da gyale. Ya soke layin ya kawo "Ni da ɗaki muna kewa". "Ni" tana ɗaukar ja ba tare da ta lalace ba, "kewa" kuma ta yi amsa-amo da "gida".

Yanzu duba abin da aka biya. Mijin ya fita daga baitin gaba ɗaya, faɗin ɗakin ya tafi, kewa ta shigo alhali ba a ambace ta a asali ba. A ganina cinikin ya yi kyau, domin abin da uwar ke ji ya tsira, kuma a wurin biki kowa ya san inda amarya za ta. Amma kai mai saye ne ya kamata ka yanke abin da za a bari, kada a yanke maka a ɓoye. Ka ce mai aikin ya nuna maka baiti-baiti abin da ya cire da abin da ya ƙara. Wanda ya rantse maka cewa ta rerawa ce kuma babu abin da ya salwanta, ka sake bincika kayansa.

Akwai kuma hawa da saukar murya. Fulatanci da Faransanci ba sa bambanta kalma da wannan, Hausa kuwa tana yi. "Baba" da murya ta tashi daga ƙasa zuwa sama mahaifi ne, idan ta sauko daga sama kuma mace ake nufi. Sau da yawa sauran baitin yakan fitar da mai sauraro daga ruɗani, don haka ba kowane saɓani ne abin damuwa ba. A amshi ne ba na yafewa, tunda shi ake ta maimaitawa har ya zauna a bakin yara.

Wajen ciniki, ka ba da sautin waƙar tare da rubutunta. Ka nemi a fara da baiti ɗaya da amshi, mai aikin ya rera maka da bakinsa. Ka ba da kafin alƙalami, sauran kuɗin sai wadda za ta rera ranar bikin ta gwada, domin inda namiji ya iya riƙe numfashi ba lallai yarinya ta iya ba. Ka sa sharaɗin gyara sau ɗaya ko biyu cikin kuɗin tun farko. Idan kuma za ka ɗauka a situdiyo ka saki, ka fara neman izinin mai waƙar. Mu maƙwabciyar Gwaggo muka je muka gaisar, ta saurara, ta ce a bar "kewa".

Idan aljihu zai ɗauka, sayi duka biyun, ta fahimta da farko. Takardar malamin nan da muka ajiye gefe ita matashin ya shimfiɗa a gabansa yana aiki, domin Fulatancinsa na kasuwa ne, kuma bayanin gefen ne ya sanar da shi cewa muryar uwa zai nema, ba ta ƙawar amarya ba.