Malami, Rikodi ko Manhaja: Abin da Mai Koyon Larabci Zai Zaɓa Don Gyara Tsawon Wasali

Bahaushe ba baƙo ba ne a batun tsawon wasali, ko da bai taɓa jin an ambaci sunan abin ba. Garin da ake zama a cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi kalmomi biyu ne masu baƙaƙe ɗaya da karin sauti ɗaya, kuma abin da ya raba su kawai shi ne jan wasalin farko a na biyun. Haka fiton da mai kwalekwale yake yi ya bambanta da fiton da yaro yake yi da baki. Rubutun boko ba ya nuna wannan bambanci, shi ya sa da yawa daga cikinmu muke amfani da shi kullum ba tare da mun lura ba. Harsuna irin su Hausa da Larabci da Japananci sun ɗora wa tsawon wasali aikin rarrabe kalmomi, alhali a Sifaniyanci mutum zai iya jan wasali yadda ya so ba tare da kalmar ta koma wata ba.

A Larabci nauyin ya fi yawa, domin wasulansa uku ne kacal, kowanne da gajere da dogo, kuma nahawun harshen yana gina kalmomi ne ta hanyar sauya wasula a tsakanin baƙaƙen asali. Idan na ninka wasali a rubuce don nuna dogo, za a ga cewa kataba na nufin ya rubuta, kaataba na nufin ya yi musayar wasiƙa da wani, katabaa kuma na nufin su biyu sun rubuta. Jamal raƙumi ne, jamaal kyau ne. Maɗar ruwan sama ne, maɗaar filin jirgin sama ne. Wani lokaci ma wurin da aka ja shi ne ke yanke hukunci, kamar baarid mai sanyi da bariid saƙon gidan waya. Mai karanta Fatiha ya san wannan tun yana yaro, domin a ruwayar Warshu ana karanta maliki, wato sarki, a ruwayar Hafsu kuwa maaliki, wato mamallaki.

Kafin mutum ya kashe kuɗinsa ko lokacinsa a kan kowane kayan koyo, ya kamata ya san ainihin inda Bahaushe yake tuntuɓe, domin ba a ko'ina yake tuntuɓen ba. A tsakiyar kalma, inda gaɓa ta ƙare da wasali, kunnensa a shirye yake, kuma da wuya ya rikita kataba da kaataba. Matsalar tana wurare biyu. Na farko shi ne rufaffiyar gaɓa, wato wadda ta ƙare da baƙi. Hausa ba ta yarda dogon wasali ya zauna a irin wannan gaɓa ba: wasalin ƙarshe na gida dogo ne, amma da zarar an ce gidan sarki sai ya gajarce da kansa. Wannan ɗabi'a ce take bin mai koyo zuwa Larabci, ta sa idan ya tsaya a kan jamaal ko kitaab ko nuur sai ya datse wasalin bai sani ba. Na biyu shi ne ƙarshen kalma, inda yawancin sunaye na Hausa suke ƙarewa da dogon wasali, don haka harshe yakan so ya ja fatahar ƙarshe, kataba ta koma katabaa, mutum ɗaya ya zama biyu. Duk abin da za a saya, da waɗannan ramuka biyu ya kamata a auna shi.

Zaɓin da ya fi kusa da mutanenmu shi ne malamin tajwidi, kuma yana da fifikon da babu wani kayan aiki da yake da shi, wato yana jin kuskuren a lokacin da aka yi shi, ya tsayar da ɗalibi, ya sa shi ya maimaita. Ma'aunin da yake koyarwa ma daidai yake da buƙatar: gajeren wasali haraka ɗaya, maddi na asali haraka biyu. Sai dai akwai abin da ya kamata mai neman yaren magana ya fahimta. Yawancin darasin maddi a tajwidi ya shafi jan da ya wuce haraka biyu, kamar maddi muttasili, wanda Hafsu yake ja haraka huɗu ko biyar, Warshu kuma shida. Wannan ƙarin ja ƙa'idar karatun Alƙur'ani ce, ba ya sauya ma'anar kalma, kuma ba a yin sa a hira ko a karanta labarai. Wanda ya ɗauke shi ya kai shi cikin magana ta yau da kullum zai ji Larabawa suna gane shi, amma suna jin kamar tilawa yake yi musu. Saboda haka, idan za a biya malami, a tambaye shi tun farko ko zai yarda ya saurari karatun jarida ko gajeren labari, ya gyara bambancin ɗaya da biyu kawai. Ni a ganina rabin sa'a a mako a irin wannan zama ya fi sa'o'i uku na sauraro ba tare da mai gyara ba.

Littattafai da ƙamus suna da arha idan aka kwatanta da daɗewarsu, amma ido kawai suke koyarwa. Rubutun Larabci yana da kirki a nan, domin dogon wasali ana rubuta shi da harafi, alif ko wawu ko ya'u, ko da ba a sa wasulan sama da ƙasa ba, ban da 'yan kalmomi irin su haazaa da laakin waɗanda alif ɗinsu ba ya fitowa a rubutun yau da kullum. Wanda ya iya ajami ya riga ya saba da wannan tsari. Ƙamus ɗin Hans Wehr, wanda fassararsa ta Turanci ta fito a 1961, yana rubuta kowace kalma da haruffan boko tare da ɗan layi a kan dogon wasali, kuma hakan yana warware shakka nan take. Abin da littafi ba zai faɗa wa mai shi ba shi ne ko bakinsa yana yin abin da idonsa ya gani.

Rikodin murya shi ne inda aka fi yin zaɓen tumun dare. Karatun Shehu Mahmud Khalil al-Husari, musamman wanda ya yi a tsanake don masu koyo, yana fitar da kowace haraka a fili, kuma ana samun sa kyauta. Labaran rediyo da Larabcin fusha, wato daidaitaccen Larabci, su ma suna da amfani, domin suna nuna yadda bambancin yake a saurin magana na gaske. Fina-finan Masar kuwa ba su dace da wannan aiki ba, duk da daɗin kallonsu, saboda karin harshen Alƙahira yana gajarta dogon wasali idan nauyin kalma bai faɗa kansa ba, don haka mai koyo zai riƙa jin abin da ya saɓa wa rubutun da ke gabansa. Shafin Forvo, inda masu harshe suke ɗora furucin kalmomi ɗaya-ɗaya, yana da kyau don tara muryoyi da yawa, amma a riƙa duba ƙasar mai furucin, kuma a yi watsi da rikodin da ke da hayaniya. Yawan muryoyin yana da dalili: wanda ya saba da murya guda yakan haddace muryar ne, ba bambancin ba.

Daga cikin manhajoji, Anki, wadda ake bita da katunan tambaya da amsa a cikinta, ita ce ta fi dacewa da horar da kunne. Kyauta ce a kwamfuta da wayar Android, amma a iPhone sayen ta ake yi. Yadda ake amfani da ita shi ne a haɗa kalmomi tagwaye kamar guda ashirin, a sa sauti kaɗai a fuskar katin, a sa kalmar da ma'anarta a baya, ta yadda dole kunne ya yanke hukunci kafin ido ya ga amsa. Idan aka sa rubutu a gaba, an ɓata aikin, domin alif ɗin zai tona asiri. Manhajojin koyon harshe na gama-gari, masu karɓar kuɗin wata-wata, ba zan ba da shawarar a biya su saboda wannan buƙata ba, tunda an tsara su ne don tara kalmomi da jimloli.

Na bar Praat, manhajar auna sautin magana, a ƙarshe domin ita ce mafi wahalar sabo, kuma ita ce kaɗai take ba da lamba. Paul Boersma da David Weenink ne suka ƙirƙire ta a Jami'ar Amsterdam, kyauta ce, amma sai da kwamfuta. A buɗe ta, a shiga New a zaɓi Record mono Sound, a faɗi jamal sau biyar da jamaal sau biyar a cikin jimla ɗaya da ba ta sauyawa, kamar haazaa jamal, don kada saurin magana ya bambanta. Bayan an adana, a danna View & Edit, a ja linzami a kan wasali na biyu, daga inda mimun ya ƙare zuwa inda lamun ya fara, sai tsawon ya bayyana a ma'aunin daƙiƙa. A ce an sami 0.080 a jamal da 0.160 a jamaal: an raba na biyu da na farko an sami 2, to bakin yana kan hanya. Idan kuwa an sami 0.080 da 0.095, rabon bai kai 1.2 ba, kuma wannan shi ne alamar cewa dokar rufaffiyar gaɓa ta Hausa ta yi aikinta. Abin lura shi ne mai wannan sakamako yakan rantse cewa ya bambanta kalmomin, kuma da gaskiyarsa, domin ya ɗaga murya ko ya ƙara ƙarfi a gaɓa ta biyu, sai kunnensa ya ɗauki hakan a matsayin ja. Lambar da za a riƙe ita ce rabon, ba daƙiƙar ba, tunda mai magana a hankali zai iya yin gajeren wasali da ya fi dogon mai sauri tsawo.

Gyaran wannan kuskure yana iya fitowa daga cikin Hausar kanta. A fara da jamaalu, inda gaɓar take a buɗe kuma jan yake zuwa da sauƙi, a maimaita har ya zauna, sannan a riƙa raunana wasalin ƙarshe har ya ɓace ba tare da an taɓa tsawon na tsakiya ba, a sake aunawa bayan mako guda. A kuma kiyaye kada a wuce gona da iri, domin Larabcin ma yana gajarta dogon wasali idan ya haɗu da sakna a kalma ta gaba, kamar yadda fii da albaiti suke haɗuwa su zama filbaiti.

Wanda waya kaɗai yake da ita zai wadatu da Anki da karatun Husari da malami sau ɗaya a mako, kuma kuɗin malamin ne kawai zai fita daga aljihunsa. Wanda ba shi da malami a kusa, shi ne Praat ta zama masa dole, ko da aron kwamfuta zai yi sau biyu a wata don ya auna kalmomi goma masu rufaffiyar gaɓa da goma masu ƙarewa da fataha.