Akwatin wifi a gidan haya mai cunkoso: wanda ya cancanci kuɗinka da wanda zai cinye su

Gidan hayar da nake ciki a Zango ɗaki tara ne, kuma bango ɗaya ya raba mu da gidaje biyu. Da rana wifi lafiya lau. Da an sallame isha'i, kowa ya dawo gida ya kunna nasa, sai kira ya fara yankewa, bidiyo ya tsaya cik. Wata uku ina ɗora wa kamfanin waya laifi, ashe matsalar tana cikin tsakar gidanmu.

Kafin ka fitar da ko dala, gane inda ciwon yake. Haɗa kwamfuta mai Windows da wifi ɗinka da dare, ka buɗe `cmd`, ka aika wa akwatin kansa saƙon gwaji. Adireshinsa yana rubuce a ƙarƙashinsa, galibi `192.168.1.1` ko `192.168.0.1` ko `192.168.8.1`, sai ka sa naka a nan:

```
ping -n 50 192.168.1.1
```

Wannan saƙo bai fita daga ɗakinka ba, bai taɓa rezon kamfani ba. In amsa tana dawowa ƙasa da `10 ms`, wato kashi 10 cikin dubu na daƙiƙa, ba fashi amma intanet na jan ƙafa, to daga rezo ne, canja tashar wifi ba zai yi maka komai ba. Ni nawa yana tsalle zuwa 200, 300, wasu ma su ɓace a hanya. Wannan ita ce alamar cunkoson maƙwabta.

Yawancin akwatunan da ke hannun mutane suna aiki ne a zangon `2.4 GHz`, mai tashoshi 13. Tazarar da ke tsakanin tasha da ta kusa da ita megahaz 5 ce kacal, alhali kowane akwati yana cin faɗin megahaz 20. Shi ya sa uku ne kawai ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11. Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Akwatuna biyu a tasha ɗaya suna jin juna, suna magana bi da bi, kamar mata a bakin famfo kowa na jiran layinta. Amma in ka ce bari ka yi wayo ka koma 4 ko 8 saboda ka ga babu kowa, ka shiga tsakanin gidaje biyu ke nan: kana shan hayaniyar duka biyun, su ma kana ɓata musu.

Na sauke manhajar duba wifi a wayata ta Android, irin masu suna `WiFi Analyzer` (sai ka ba ta izinin sanin wuri kafin ta nuna komai). Ƙarfe tara na dare na tsaya a inda nake zama da waya, na ƙirga sunaye 14. Bakwai suna kan 6, har da nawa. Huɗu suna kan 1, ɗaya daga cikinsu na maƙwabcin da muke haɗa bango ne, ƙarfinsa `-58 dBm`. Uku suna kan 11, mafi ƙarfinsu `-79`. Lambar da ta fi kusa da sifili ita ce mai ƙarfi, saboda haka kada ka tsaya ga yawan sunaye, dubi wanda ya fi kusa da kunnenka. Na rubuta adireshin nan a burauza na shiga shafin akwatin, na nemi `Canal` (wasu `Channel` suke rubutawa), na cire shi daga `Auto` na sa 11, faɗin kuma na mai da shi `20 MHz` daga 40. Gwajin ya sauko ƙasa da 10.

Wannan shi ne zaɓi na farko, kuma kyauta ne. Sai dai bargon aro ne. `Auto` na akwatuna da yawa yana zaɓen tasha ne lokacin da aka kunna shi, to duk sanda aka ɗauke wuta aka maido, akwatunan unguwa sukan tashi tare su sake rabon wuri. Bayan sati biyu na tarar da baƙi uku sun tare a 11.

Abin da na tsaya a kai, kuma shi nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni, akwati ne mai zango biyu, `2.4 GHz` da `5 GHz`, wanda yake barinka ka zaɓi tasha da hannunka. A zangon 5, tashoshi 36, 40, 44 da 48 ba sa hawa kan juna in faɗin 20 ne. Mutane suna kushe shi da cewa ba ya ratsa bango sosai, kuma gaskiya ne. Amma a gidan haya wannan aibin shi ne alherinsa, domin bangon da ya tare naka shi ne ya tare na maƙwabci. A ɗakina da na duba zangon 5, sunan akwatina kaɗai na gani. Na sa shi a 36, yau wata biyar ban sake taɓa shi ba. Na bar 2.4 a kunne saboda tsohuwar wayar mahaifiyata ba ta ganin 5. Iyakarsa ita ce gidajen ƙasa masu kaurin bango irin na Birni: in tsakaninka da akwatin akwai bango biyu, sai ka matso da shi ka ɗora shi sama kusa da ƙofa, ko ka ja waya.

Na'urar ƙara wa wifi nisa, mai `Repeater` a jikin kwali, ƙarin mai surutu ce a ɗakin da ya riga ya cika, kuma mai arharta takan raba gudun gida biyu. Ƙaramin wifi na aljihu don tafiya aka yi shi, wasu ma ba su da wurin canja tasha.

Yanzu ga inda aka ƙona ni. Na je wani shago na ce ina son mai zango biyu. Mai shagon ya ɗauko wani mai eriya huɗu dogaye, an manna masa takarda mai ƙyalli an rubuta `5G`, ya ce, “Malam, wannan har bakin titi zai bi ka.” Na biya jika 18. A gida na duba, babu zangon 5 ko alama, shafin kuma ba shi da wurin zaɓen tasha. Da ɗaya eriyar ta karye sai na ga roba ce zalla, ko zaren waya babu a ciki. Da na koma ya ce kayan da aka buɗe ba a karɓa.

Ku sani `5G` rezon waya ne, `5 GHz` zangon wifi ne, ba su haɗa komai ba sai lamba, kuma da wannan kamar ake cin kuɗin mutane. Takardar da aka manna a kwali ba shaida ba ce, karanta ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin akwatin. In ka ga `N300` ko `300Mbps` kaɗai, kusan kullum 2.4 ne zalla. In ka ga `AC1200` ko `802.11ac`, ana nufin akwai 5, amma shi ma rubutu ne, ana iya buga shi. Yawan eriya kuwa kada ya ruɗe ka, ko ta gaske ce ba ta korar maƙwabta daga tasharka. Ka kuma kula da tsohon akwati da aka goge aka sa a sabon kwali: dubi kusoshin bayansa ko an taɓa kwance su, ka gwada lambar jikinsa da ta kwalin.

Da zan sayi na biyun, cewa na yi, “Alhaji, don Allah a kunna mini shi a nan.” Aka jona, na ga sunan zangon 5 ya fito a wayata, na shiga shafinsa na canja `Canal` daga 36 zuwa 44, ya sake tashi, na duba da manhajar na ga lallai ya koma 44. Sannan na ƙirga masa kuɗinsa, ya rubuta mini rasit da sharaɗin canji cikin kwana uku.